Rubutun mai gabatarwa a bikin yaye ɗalibai: awa biyu da sunaye 180

Malama Rabi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. An ɗora mini aikin gabatar da bikin yaye ɗalibanmu, kuma ban taɓa riƙe makirfo a taro mai girman wannan ba. Ɗalibai 180 za a yaye, an ba mu zauren daga ƙarfe 10 zuwa 12 na rana, bayanmu kuma akwai wasu masu taro, don haka babu damar ƙetare lokaci. Ga yadda kwamiti ya raba mintunan: shigowar ɗalibai da manyan baƙi 10, taken ƙasa da buɗe taro 5, jawabin maraba 5, rahoton shugaban makaranta 15, babbar baƙuwa mai jawabi 20, wakilin ɗalibai 5, kyaututtuka 15, miƙa takardun shaida 20, saƙonnin fatan alheri daga mutum uku 15, jawabin godiya 5, rufewa da fita 5. Jimilla minti 120 cif. Abin da nake nema shi ne shawara kan yadda zan rubuta abin da zan faɗa tsakanin wannan da wancan, da kuma yadda ake gabatar da mai jawabi ba tare da an gundiri mutane ba.

Malam Habibu:
Wa'alaikumus salam, Malama. Kafin mu zo kan kalmomin da za ki faɗa, ina roƙon ki sake duban jadawalin, domin a yadda yake ba zai shiga awa biyu ba ko da kowane mai jawabi ya tsaya a kan mintunansa. An ware minti 20 don takardun shaida, wato daƙiƙa 1,200, idan kuwa aka raba wa mutum 180 kowa bai kai ga samun daƙiƙa 7 ba. A cikin wannan ɗan lokacin ake so ki kira suna, ɗalibi ya hau dandamali, ya karɓi takarda, a gaisa, a ɗauki hoto, ya sauka. A tarukan da na gabatar, duk inda ake tsayawa ɗaukar hoto a kan dandamali ɗalibi ɗaya yakan ci wajen daƙiƙa 15, wanda a lissafinku ya zama minti 45. Kin ga ƙarin minti 25 ke nan tun ba a je ko'ina ba.

Abu na biyu da kwamitoci suka saba mantawa shi ne ke kanki. Abubuwa 11 ne a jadawalin, saboda haka akwai gaɓoɓi 10 a tsakaninsu, kuma a kowace gaɓa za ki yi magana, mai jawabi zai taso daga kujerarsa, a daidaita masa tsayin makirfo, ya buɗe takardunsa. Ki ba kowace gaɓa minti ɗaya, ya zama 10. Taron da aka rubuta minti 120 ashe minti 155 ne. Rubutun mai gabatarwa daga wannan lissafin yake farawa, domin shi ne zai gaya miki kalma nawa kike da ikon furtawa.

Nura:
Da girmamawa ga Malam, ni a ganina ana wahalar da Malama ne kawai. Na gabatar da taruka da dama kuma ban taɓa rubuta abin da zan faɗa ba, sunayen masu jawabi kaɗai nake riƙewa a ɗan kati. Wanda yake karantawa daga takarda muryarsa takan mutu, idonsa yana ƙasa, jama'a kuma su koma hira da juna. Ki saki jiki, ki kalli mutane, maganar za ta zo da kanta.

Malam Habibu:
Nura, ka yi gaskiya a kan ido da murya, kuma shi ya sa nake cewa a buga rubutun da manyan haruffa, a bar tazara tsakanin layuka, kowane abu na jadawali a shafinsa daban, yadda za ta ɗaga kai ta dawo ba tare da ta ɓace ba. Amma taron nishaɗi da bikin yaye ba ɗaya ba ne. A can idan ka ƙara minti uku kana barkwanci babu wanda ya yi asara, a nan kuwa minti ukun nan sunayen ɗalibai goma sha biyu ne. Sannan akwai abubuwan da ba a dogara da ƙwaƙwalwa a kansu: cikakken suna, muƙami, sunan kwas, da umarnin da ake ba jama'a na su tashi ko su zauna. Waɗannan a rubuce suke zama, kalma da kalma. Sauran kuwa, kamar ɗan abin da za ta ce bayan an gama jawabi, wannan ta bar shi ya zo a lokacin.

Hajiya Talatu:
Ni daga ɓangaren gudanarwa nake, kuma ina so in ja hankali kan abin da yake jawo mana ƙorafi bayan an watse. Baƙon da aka gayyato ya bar ayyukansa ya zo, idan aka gabatar da shi a gajarce yakan ji an rage masa daraja, kuma ofis ne yake amsa laifin, mai gabatarwa ya riga ya tafi gida. Shawarata ita ce Malama ta nemi takardar tarihin babbar baƙuwar ta karanta ta yadda take, ta kuma tabbata ta ambaci duk wanda ke kan babban teburi da muƙaminsa bisa tsarin girma.

Malam Habibu:
Hajiya, a kan muƙami da tsarin girma ina tare da ke ɗari bisa ɗari, kuma ofishinku ne ya kamata ya ba Malama jerin a rubuce tun kwana biyu kafin taro, sannan a sake duba shi da safe a soke waɗanda ba su zo ba, a gyara na waɗanda suka aiko wakili. Sai dai sau ɗaya ake karanta jerin nan, a farkon taro, kuma mai gabatarwa ce take karantawa. Idan ta gama sai ta ce an gabatar da manyan baƙi a madadin duk masu jawabi, a kuma sanar da masu jawabin tun kafin ranar cewa ba sai sun maimaita ba. Idan mutum goma sha biyar ne a jerin, karanta shi yakan ci kusan minti biyu, masu jawabi takwas kuma kowa ya sake jero su, kin ga an ƙone fiye da kwata na awa a kan sunayen da kowa ya riga ya ji.

A kan tarihin baƙuwa kuwa na saɓa miki. Takardar tarihi ta shafi biyu takan ci minti biyar ko shida, kuma na sha ganin baƙo yana zaune yana sunkuyar da kai don kunya ana jero masa makarantar firamare da kwamitocin da ya zauna a ciki shekara ashirin da suka wuce. Gabatarwa tana amsa tambaya ɗaya ce a zuciyar ɗalibi: me ya sa wannan ce za ta yi mana magana yau? Abu biyu ko uku sun isa, kuma sunanta ya zo a ƙarshe, domin sunan shi ne alamar da ke gaya mata ta tashi, ya gaya wa jama'a su tafa. Idan aka fara da sunan, za ta miƙe tun a jimlar farko ta tsaya a tsaye tana jira a gama yabonta. Ga misali, Malama ta cika guraben da abin da yake gaskiya game da baƙuwarsu:

"Mai jawabinmu ta yau ta taɓa zama a kan irin kujerun da ɗalibanmu suke zaune a kai, domin a wannan fanni ta yi karatu. Ta yi shekara kaza tana aiki a cikinsa, a yanzu kuma ita ce take jagorantar ma'aikata kaza. Za ta yi mana magana na minti ashirin a kan shekarar farko ta aiki bayan kammala karatu. Jama'a, ku taya ni maraba da Dakta wance."

Wannan bai wuce rabin minti ba. Cikakken tarihin kuma a buga shi a ɗan littafin shirin taro, wanda yake so ya karanta.

Hajiya Talatu:
Na ji hujjarka, Malam, amma ban gamsu gaba ɗaya ba, domin ba kowane baƙo ne yake jin kunyar a karanta tarihinsa ba, wasu ma ƙirgawa suke yi su ga abin da aka tsallake. Abin da zan iya amincewa da shi shi ne a tura wa baƙuwar gajeriyar gabatarwar tun da wuri ta gani. Idan ta ce ta yi, shi ke nan, idan ta ƙara wani abu sai a saka mata. Na kuma lura ka saka adadin mintunan a cikin gabatarwar, wanda ban sani ba ko ba zai zama kamar an ɗaure ta a gaban jama'a ba.

Malam Habibu:
Tura mata tun da wuri shawara ce mai kyau, a nan ma ake kama kuskuren muƙami. Mintunan kuwa da gangan na saka su, amma da sharaɗin an riga an rubuta mata su a takardar gayyata, yadda ba a bakin mai gabatarwa za ta fara jin su ba.

Sadiya:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ma an zaɓe ni in yi jawabi a madadin ɗaliban ajinmu a namu bikin, kuma na rasa ta inda zan fara. Shin da godiya ga malamai ake farawa, ko da labarin shekarar da muka shigo?

Malama Rabi:
Sadiya, tambayata a kan aikin mai gabatar da taro ce, wato mai kiran masu jawabi, taki kuwa a kan jawabin ne kansa, gara ki buɗe mata zare daban don ta samu amsa sosai. Abin da zan roƙe ki a madadin duk wanda zai gabatar da naku taron shi ne ki karanta jawabin da ƙarfi kina duban agogo, ki gaya masa mintunan da ya ci. Malam Habibu, na koma wa kwamiti da lissafinka kuma sun yarda a rage. Rahoton shugaba ya dawo minti 8 saboda za a raba shi a rubuce, babbar baƙuwa 15, kyaututtuka 8, masu fatan alheri minti biyu-biyu, godiya 3. An samu minti 30, amma har yanzu muna kan 125.

Malam Habibu:
To, saura hoton. A sauke mai hoto daga kan dandamali, a kafa shi a gefe can ƙasan matakalar sauka, ɗalibi ya karɓi takardarsa ya sauka sannan ya tsaya a ɗauke shi, layi kuma yana ci gaba da tafiya. Da haka za a iya dawowa wajen daƙiƙa 10 ga kowane ɗalibi, wato minti 30 maimakon 45, jimillar taro ta zama 110, ki samu minti 10 a aljihu. Kada ki gaya wa masu jawabi akwai wannan rarar. A gefen hagu na kowane shafi ki rubuta ƙarfen da ya kamata abin ya fara, misali 10:17 jawabin maraba, domin idan kika rubuta tsawon mintuna kawai sai kin yi lissafi a tsaye kafin ki san ko kin makara, agogo kuwa kallo ɗaya ya isa.

Malam Isiyaku:
Ku gafarce ni in shigo da abin da ya same ni, domin ni uba ne, ban taɓa gabatar da taro ba. A bikin yaye ɗiyata, wani ɗalibi da ke gabanta a jeri bai zo ba, mai kiran suna kuma yana bin takardarsa bai ɗaga kai ba. Sai ya kira sunan wanda bai zo ba, ɗiyata ta hau, aka miƙa mata takardar wani, daga nan duk layin ya goce da mutum ɗaya har kusan mutum goma kafin wani malami ya tsayar da abin. Da aka zo gyarawa aka tsallake sunanta gaba ɗaya. Mun yi tafiya mai nisa don mu ji an kira sunan nan, kuma ba mu ji ba. Ban san yadda ake kauce wa wannan ba, amma ina roƙon Malama ta ba shi muhimmanci fiye da jawabai.

Malam Habibu:
Allah ya ba da haƙuri, Malam Isiyaku. Abin da ya faru da ku yana faruwa ne duk lokacin da mai kira yake bin jeri a takarda alhali layi yana bin waɗanda suka zo. Maganinsa kati ne. Kowane ɗalibi a ba shi kati mai ɗauke da sunansa da manyan haruffa tun a wurin jeruwa, idan sunan mai wuyar furtawa ne ya rubuta a ƙasa yadda ake faɗarsa, gaɓa-gaɓa. Idan ya iso bakin matakala sai ya miƙa wa mataimaki, mataimaki ya miƙa wa mai kira, ita kuma ta karanta abin da ke hannunta. Wanda bai zo ba babu katinsa, wanda ya sauya wuri a layi sunansa yana tare da shi. Takardun shaidar ma, idan makaranta ta yarda, a miƙa bango marar komai a ciki a kan dandamali, kowa ya karɓi ainihin tasa a teburi bayan taro, domin neman takardar wani a cikin tari shi ne abu na biyu da yake tsayar da layi.

Akwai kuma abin da ya kamata Malama ta tambayi shugabanninta. Mai gabatarwa ba ita take yaye ɗalibai ba. A jami'o'i, shugaban tsangaya ne yake gabatar da ɗalibansa, uban jami'a ko wanda ya wakilce shi ya furta kalmomin ba da digiri, kuma waɗannan kalmomi ba a sauya su. Idan makarantarku tana da irin wannan lafazi, a rubutunki ki sa kawai cewa kina gayyatar wane ya gabatar da ɗaliban sashe kaza, ki ja baya. Ki kuma tabbatar ko ke ce za ki kira sunayen ko shugabannin sassa, don na ga inda aka zo wurin kowa yana kallon ɗan'uwansa.

Nura:
Katin nan dabara ce, na karɓa. Amma har yanzu ba a taɓa babbar matsalar ba, wato mai jawabin da aka ba minti biyu ya kama hanyar minti goma. Ni abin da nake yi shi ne in yi wa mai kula da na'urar sauti alama ya rage murya a hankali, ni kuma in shigo da tafi. Yana aiki kowane lokaci.

Hajiya Talatu:
Nura, idan aka yi wa baƙon makaranta haka a gaban iyaye da ɗalibai, ba zai sake amsa gayyatarmu ba, kuma da gaskiyarsa. Wannan ba zai yiwu ba sam.

Malam Habibu:
Ni ma ba na kashe wa kowa makirfo. Matakai nake bi, kuma ina gaya wa masu jawabi su tun kafin a fara don kada su zo musu a ba-zata. Mutum ɗaya yana zaune a layin gaba daidai inda idon mai jawabi yake sauka, yana riƙe da kati biyu, ɗaya na saura minti biyu, ɗaya na lokaci ya cika. Idan an wuce da minti ɗaya sai in tashi daga kujerata in tsaya a gefen dandamali inda zai gan ni. Idan an ƙara wani mintin sai in matso kusa da shi da takarduna a hannu. Mafi yawan mutane a mataki na biyu suke naɗe tabarmarsu. Masu fatan alheri kuwa na fi son kada a sakar musu mumbari, a ba su makirfon hannu ina tsaye kusa da su, domin wanda ya dafa mumbari ya baje takarda ya zauna ke nan. Amma in faɗi gaskiya, idan shugaban taro ne da kansa ko babbar baƙuwa ta zarce, babu abin da mai gabatarwa za ta iya yi illa ta rage daga nata. Saboda haka nake sa alama a rubutuna a kan abubuwan da za a iya yarwa: sanarwar da za ta iya jira, gabatarwar da za a iya mayarwa jimla ɗaya, saƙon fatan alheri na uku idan an riga an fahimtar da mai shi. Sunayen ɗalibai ba sa cikin abin da ake ragewa.

Nura:
To idan ka matso kusa da shi ya yi kamar bai gan ka ba fa, Malam? Na ga wanda ya juya wa mai gabatarwa baya ya ci gaba.

Malam Habibu:
Na gamu da irinsa sau ɗaya, kuma jira na yi har ya numfasa a ƙarshen wata jimla na ce mun gode, jama'a suka tafa. Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba, kuma ba zan ce wa Malama ta yi haka a taronta na farko ba.

Malama Rabi:
Na gode muku ƙwarai. Yau mun yi gwaji da ɗalibai 20 da katunansu, kuma sun ci minti 4 daidai, wato daƙiƙa 12 kowane, ba 10 ba. Idan haka ta tabbata, 180 za su ci minti 36, taron ya zama 116, rarata ta dawo minti 4 kacal. Na lura rigunan yaye suna sa su hawa matakala a hankali, ni kuma ina jira sai wanda ya karɓa ya sauka kafin in kira na gaba. Sannan akwai batun tafi: a gwajin ma abokansu suna ta ihu bayan kowane suna har ba a jin wanda ya biyo baya.

Malam Habibu:
Jiran da kike yi ne yake cin daƙiƙa biyun. A sa ɗalibi na gaba ya riga ya hau yana tsaye a bakin dandamali, biyu kuma suna kan matakala a bayansa, ke kuma ki kira sunansa a daidai lokacin da na gabansa ya karɓi bangonsa. Game da tafi, ki rubuta jimla ɗaya kafin sunan farko: "Muna roƙon iyaye da abokai su riƙe tafinsu har a gama kiran kowane sashe, domin kowane gida ya ji sunan ɗansa." Idan an gama sashe ki ce ɗalibansa su juyo su fuskanci jama'a, a yi musu tafi mai tsawo.

Malam Isiyaku:
A nan kam zan saɓa wa Malam. Uwar da ta yi shekaru tana jiran wannan rana ba za ta riƙe hannunta ba don an roƙe ta, ni ma da an kira sunan ɗiyata da ban riƙe ba. Gara Malama ta bar ɗan numfashi bayan kowane suna, ta nemo mintunan a wani wurin.

Malama Rabi:
Numfashin daƙiƙa biyu sau 180 minti 6 ne, Malam Isiyaku, ni kuma 4 gare ni, sai fa idan gyaran da Malam Habibu ya kawo ya dawo mini da su. Za mu sake gwaji jibi da mutum uku a kan matakala, zan auna da tafi da kuma babu tafi. Hajiya, idan lissafin bai fita ba, ke za ki taya ni shawarar yadda ake gaya wa mai fatan alheri na uku cewa za a buga saƙonsa a littafin taro.